Wace riga za a fara ɗora wa inji? Hanyoyi uku na auna riba a gidan ɗinki mai injin aiki ɗaya

Mai gidan ɗinki da ke sayo yadi da kansa, ya ɗinka, ya sayar, yakan kai wani mataki da oda ta fi ƙarfin abin da zai iya fitarwa a mako. Teloli na nan, kekuna na nan, shadda na nan jibge, amma injin aikin wuya guda ɗaya ne, kuma kusan kowace riga sai ta bi ta kansa. A nan dole ya zaɓi abin da za a yi da abin da za a bari. Akanta zai ce a duba cikakken kuɗin da kowace riga ta ci. Babban tela zai ce a bi babbar riga, ita ce mai tsoka. Akwai kuma hanya ta uku, wadda Eliyahu Goldratt, masanin kimiyyar fiziks ɗan Isra'ila, ya yaɗa tun daga shekarun 1980: a nemo matakin da aiki ke maƙurewa, a auna nawa kowace haja ke kawowa a awa ɗaya ta wannan mataki. Matakin zan kira shi maƙura, kuɗin da ya rage bayan an cire kayan da riga ta cinye kuma zan kira shi ragowa.

Abin da za a auna kowace hanya da shi

Ma'auni na farko shi ne ko hanyar tana kai ka ga tsarin da ya fi barin kuɗi a ƙarshen mako, domin hanyar da ta faɗi a nan sauran kyawunta ba zai cece ta ba. Bayan shi sai tsada, wato kuɗi da lokacin da za a kashe wajen tattara alƙaluma. Sai sauƙi: shin mai kula da shago zai iya yin lissafin da kansa, ko sai an kira akanta? Sai ɗorewa, wato tsawon lokacin da amsar za ta ci gaba da zama daidai kafin a sake lissafi. Na ƙarshe shi ne haɗari, irin kuskuren da hanyar ke jefa mutum a ciki ba tare da ya ankara ba.

Shagon da za mu gwada su a kansa

Alƙaluman nan na misali ne, na zaɓe su don lissafi ya fito sarai, sai ka sa naka a madadinsu. Shago ne mai ma'aikata 10 da ke karɓar albashi, kowanne yana aikin awa 40 a mako, jimla awa 400. Albashinsu naira 400,000 ne a mako. Haya da man janareta da wuta da gyare-gyare su ma naira 400,000. Ke nan shagon yana cin naira 800,000 kowane mako, ko an ɗinka riga ɗari ko ba a ɗinka ko ɗaya ba. Injin aiki mai kai ɗaya ne, ana kunna shi awa 8 a rana, kwana 6, amma idan aka cire lokacin shafa mai da share shi da jiran a tayar da janareta, awa 40 ce ke zuwa hannu.

| Haja | Farashi | Yadi, zare da sauransu | Ragowa | Lokacin inji | Lokacin tela | Abin da kasuwa ke nema a mako |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Babbar riga | 90,000 | 54,000 | 36,000 | minti 120 | awa 5 | 15 |
| Kaftani | 40,000 | 25,000 | 15,000 | minti 30 | awa 4 | 40 |
| Kayan yara | 16,000 | 10,000 | 6,000 | minti 15 | awa 3 | 48 |

Kafin komai a tabbatar inda maƙurar take. Idan za a biya wa kasuwa buƙatarta duka, teloli na buƙatar awa 75 da 160 da 144, jimla 379, kuma suna da 400. Sun isa. Inji kuwa yana buƙatar awa 30 don babbar riga, 20 don kaftani, 12 don kayan yara, jimla 62, alhali 40 yake da ita. Giɓin awa 22 ke nan. Ko ba a yi wannan lissafi ba ido zai nuna: gaban riguna da aka yanka aka yi wa alama da alli sun taru kusa da inji, masu haɗawa kuma suna zaune suna jira.

Hanya ta farko: cikakken kuɗin da riga ta ci

A nan ana raba naira 800,000 ɗin nan a kan riguna, yawanci gwargwadon lokacin tela. An raba 800,000 da awa 400, kowace awa ta ɗauki naira 2,000. Babbar riga ta ɗauki 10,000, ribarta ta zama 26,000. Kaftani ya ɗauki 8,000, ribarsa 7,000. Kayan yara sun ɗauki 6,000, ba su bar ko kobo ba. Duk wanda ya ga wannan takarda zai ce a cika inji da babbar riga, a bi da kaftani, a daina wahala da kayan yara.

To, a bi shawarar. Babbar riga 15 ta cinye awa 30, sauran awa 10 ta fitar da kaftani 20. A takarda riba ita ce 390,000 da 140,000, wato 530,000. Amma ƙidaya kuɗin da ke aljihu: ragowar babbar riga 540,000, ta kaftani 300,000, jimla 840,000, a cire 800,000 na tafiyar da shago, saura naira 40,000 kacal. Ina 490,000 ta shiga? Ba ta shiga ko'ina ba, dama ba a same ta ba. Wannan tsari awa 155 kawai ya yi amfani da ita cikin awa 400 ta teloli, don haka 310,000 kaɗai aka ɗora wa riguna. Sauran kuɗin albashi da haya suna nan, mai gida bai rage haya ba don teloli sun zauna.

Babban aibin hanyar ke nan a wajen zaɓen abin da za a yi: tana sa kuɗin da ba ya motsi ya yi kama da mai motsi. Naira 6,000 da aka ɗora wa kayan yara ba za ta dawo aljihu ba idan an daina ɗinka su. Tana da wani haɗarin kuma a wuraren da ake ajiye kaya. Tunda wani ɓangare na albashi da haya yana shiga cikin darajar kayan da ke sito, manaja zai iya ɗinka abin da ba a nema, ya cika kabad, ribar takarda ta hau alhali kuɗi sun kwanta.

Ta fuskar tsada ita ce mafi nauyi, domin sai an san lokacin kowane mataki, an yi kasafi, an sake rabon duk lokacin da haya ko mai ya tashi. Duk da haka ba abar yarwa ba ce. Ƙa'idar IAS 2 ta lissafin kayan sito ta tanadi a sa kason kuɗin sarrafawa, har da wanda ba ya canzawa, cikin darajar kaya, don haka kamfanin da ke fitar da rahoton shekara bisa ƙa'idojin akanta na ƙasa da ƙasa ba shi da mafita daga gare ta. Tana kuma tuna wa mutum cewa a ƙarshe dole farashi ya ɗauki nauyin shago gaba ɗaya.

Hanya ta biyu: ragowa a kan kowace riga

Wannan ita ce hanyar da yawancin masu sana'a ke bi a ka, ko ba su rubuta ba. Farashi, a cire kayan da aka sa, abin da ya rage shi ne samu. Ta fi ta farko gaskiya, domin ba ta raba haya a kan riguna, kuma ta nuna kayan yara suna barin 6,000. Ba ta cin komai sai rasitin yadi da zare, kuma amsarta tana nan daidai muddin farashi bai motsa ba.

Sai dai a shagonmu tsarin da take bayarwa daidai yake da na farko: 36,000 ta fi 15,000, 15,000 ta fi 6,000, a fara da babbar riga. Sakamako naira 40,000 ɗin nan dai. Ko da an mayar da ita kaso cikin ɗari ba ta tsira ba, babbar riga na da 40, sauran biyun 37.5 kowanne. Abin da ta manta shi ne riga ɗaya ba ta yi daidai da riga ɗaya ba a gaban inji. Lokacin da babbar riga ɗaya ke kan firam, kaftani huɗu ne ke jira, ko kayan yara takwas.

Inda take daidai shi ne lokacin da babu maƙura a cikin shago. Bayan Sallah, idan oda ta ja baya inji yana hutawa rabin yini, babu rigar da ke hana wata wuri. A lokacin duk abin da ke da ragowa a karɓe shi, kuma wannan hanya ta wadatar.

Hanya ta uku: ragowa a kan awar maƙura

Lissafin taki ɗaya ne ya ƙaru a kan na biyu: a raba ragowa da lokacin da riga ke ci a kan inji. Babbar riga tana barin 36,000 cikin awa 2, wato 18,000 a awa. Kaftani yana barin 15,000 cikin rabin awa, wato 30,000 a awa. Kayan yara 6,000 cikin rubu'in awa, wato 24,000 a awa. Jerin ya juye: kaftani, kayan yara, sannan babbar riga. Idan farashi na layin B, kuɗin kaya na C, mintunan inji na D, abin da za ka rubuta a Excel shi ne:

```
=(B2-C2)/D2*60
```

Yanzu a raba awa 40. Kaftani 40 da kasuwa ke nema sun ci awa 20, sun kawo 600,000. Kayan yara 48 sun ci awa 12, sun kawo 288,000. Saura awa 8, wadda ta isa babbar riga 4, sun kawo 144,000. Jimla 1,032,000, a cire 800,000, riba 232,000. Inji ɗaya, ma'aikata ɗaya, haya ɗaya, amma bambancin naira 192,000 a mako, kuma wani kaso na bambancin ya fito ne daga hajar da hanya ta farko ta ce ba ta da riba. Teloli ma sun yi aikin awa 324 maimakon 155.

Akwai ma'aunin da ke tafiya da wannan, wanda masu karatun aikin akanta na ACCA suka sani da TPAR. Ana raba kuɗin tafiyar da shago da awannin maƙura, 800,000 a kan 40, wato kowace awar inji dole ta kawo 20,000 kafin shago ya mayar da kuɗinsa. Sai a raba abin da kowace haja ke kawowa a awa da wannan adadi: kaftani 1.5, kayan yara 1.2, babbar riga 0.9. Ƙasa da 1 yana nufin da a ce babbar riga kaɗai ake yi duk mako da shago ya faɗi, domin riga 20 za su kawo 720,000 ne kawai. Amma ba ya nufin a daina yin ta, kuma a nan mutane da yawa ke kuskure. Awa 8 da ta rage ba ta da wani mai nema, idan aka bar ta haka an yi asarar 144,000.

Abin da ya sa na fi son wannan hanya ba jerin kaɗai ba ne. Tana ba ka farashin awa ɗaya ta inji, kuma da wannan farashi ake yanke shawarwarin da a da sai dai a yi ta gardama a kansu. A shagonmu duk awar da aka ƙara babbar riga za ta tafi, don haka darajarta 18,000 ce, har zuwa awa 22. Idan ƙarin awa biyu da dare zai ci 7,000 na mai da ladan mai inji, an sayi 36,000 da 7,000. Idan wani mai inji a unguwa zai yi aikin babbar riga ɗaya a kan 20,000, tsadar za ta sa mutum ya ja baya, amma rigar da ba za a yi ta ba sam yanzu za ta bar 16,000. Idan kana son babbar riga ta cancanci wuri daidai da kayan yara, dole ta kawo 48,000 cikin awa biyunta, ke nan farashinta ya koma 102,000, ko kuma a rage nauyin zanen ya koma minti 90 a tsohon farashi.

Daga nan ne kuma ake gane cewa minti ɗaya na inji ya fi minti ɗaya na kowa tsada. Kada mai inji ya tsayar da shi yana neman zare ko yana ɗaura yadi a firam. A sayi firam na biyu, yaro ya ɗaura na gaba tun na farko na kan aiki. A haɗa rigunan da ke amfani da launin zare ɗaya a jere. A duba yadi tun kafin ya hau inji, domin kaftanin da aka gano yana da tabo bayan an gama masa aiki ya tafi da rabin awar da ba za ta dawo ba. Idan lokacin cin abinci ya yi, wani ya karɓi mai inji. Masu yanka kuma su daina yanka fiye da abin da inji zai iya ɗauka, don tara yankakken yadi ba ya ƙara ko riga ɗaya a abin da ke fita.

Tsadar hanyar kaɗan ce, amma tana neman abu ɗaya da sauran ba sa nema: sahihin lokacin inji. Allon injin yana nuna yawan sukan allura na kowane zane. Zane mai suka 60,000 a gudun 600 a minti zai ci minti 100 a lissafi, amma wanda ya tsaya kusa da inji ya san zare yana tsinkewa, bobin yana ƙarewa, ana sauya firam. Shi ya sa na rubuta 120. A sa agogo daga lokacin da riga ta hau har ta gaba ta hau, a yi haka na mako guda, a ɗauki matsakaici. Wanda ya yi amfani da lokacin allo kawai zai tsara wa inji aikin da ba zai iya gamawa ba.

Haɗarinta na farko yana wajen abin da ake cirewa daga farashi. A tsarin Goldratt ana cire abin da ke tashi da faɗuwa tare da kowace riga ne kawai, albashi kuma yana cikin kuɗin tafiyar da shago. Wannan daidai ne ga masu albashi. Amma a shagunan ɗinki da yawa tela kan karɓi kuɗinsa ne a kan kowace riga da ya haɗa, kuma a nan ladansa ya zama kamar yadi, dole a cire shi. A ce ana biyan 5,000 a babbar riga, 4,000 a kaftani, 3,000 a kayan yara. Ragowa ta koma 31,000 da 11,000 da 3,000, a awar inji kuma 15,500 da 22,000 da 12,000. Babbar riga ta haye kayan yara. Tsarin da ya fi yanzu shi ne kaftani 40 da babbar riga 10, mai kawo 750,000, alhali tsarin ɗazu 708,000 zai kawo. Shago iri ɗaya, amsa ta canza saboda yadda ake biyan ma'aikata kawai. Kamashon dillali da kuɗin aika kaya su ma haka za a yi da su.

Haɗari na biyu shi ne maƙura ba ta zama wuri ɗaya, kuma nan ne ɗorewar hanyar ke da rauni. Ka sayi inji na biyu, giɓin awa 22 ya rufe, ƙarin babbar riga 11 ya kawo 396,000 a mako, daga nan kuma injin ba shi da sauran abin yi, domin kasuwa ta ƙoshi. Teloli kuma sun kai awa 379 cikin 400, mutum ɗaya ya yi rashin lafiya su ne sabuwar maƙura, kuma a awar tela babbar riga ce kan gaba da 7,200, kaftani 3,750, kayan yara 2,000. Wanda ya ci gaba da bin tsohon jeri zai yi ta fifita abin da bai kamata ba. Idan kuma matakai biyu suka cije lokaci ɗaya, raba ragowa da awa ɗaya ba ya bayar da amsa, sai an koma ga lissafin da ke ɗaukar iyakoki da yawa tare, irin wanda Solver na Excel ke yi.

Na uku ba ya cikin alƙaluma. Alhajin da ke sayen babbar riga wataƙila shi ne ke sayen kaftani biyar da kayan 'ya'yansa. Idan aka ce masa babu, zai iya kwashe duka ya kai wani wuri. Irin wannan oda a ware mata awanninta tun farko, a lissafa ta a dunƙule, sannan a jera sauran.

| Ma'auni | Cikakken kuɗi | Ragowa a kan riga | Ragowa a kan awar maƙura |
|---|---|---|---|
| Ribar mako a misalinmu | 40,000 | 40,000 | 232,000 |
| Tsada | Babba, sai da akanta | Kusan babu | Kaɗan, agogo da littafi |
| Sauƙi | Da wuya | Mai sauƙi ƙwarai | Mai sauƙi idan an gano maƙura |
| Ɗorewa | Shekara, idan yawan aiki bai sauya ba | Har farashi ya motsa | Har maƙura ta koma wani wuri |
| Babban haɗari | Yar da haja mai kawo kuɗi, cika sito | Cika inji da haja mai cin lokaci | Kuskuren maƙura ko na abin cirewa |

Wacce ta dace da wa

Idan abin da ke gabanka rahoton shekara ne, ko takardun banki, ko ƙimar kayan da ke sito, hanya ta farko za ka bi, amma kada ka ɗauki ribar kowace riga da ta nuna ka tsara aikin mako da ita. Idan shagonka yana da sarari a kowane mataki, abin da ka rasa masu saye ne, hanya ta biyu ta ishe ka, ƙarfinka kuma ya tafi wajen neman oda. Idan kuwa kana mayar da masu saye, ko kana saɓa alkawarin ranar karɓa, kuma kaya suna taruwa a gaban inji ɗaya ko mutum ɗaya, hanya ta uku ce taka, musamman daga Sha'aban zuwa ƙarshen azumi da kuma makonnin da ke gaban Babbar Sallah. Mai biyan teloli a kan kowace riga ya cire ladansu kafin ya raba. Mai tunanin sayen inji na biyu ya fara lissafa awannin da kasuwa za ta cika masa a watannin da ba na Sallah ba, ya kwatanta da kuɗin bai wa wani aikin a waje na 'yan makonnin da oda ke yin yawa.